Taga ta Biyu a Takardar Baba Sikeli

Ni ce mai kula da babbar na'urar buga zane a ofishinmu, don haka teburina yana daf da na Baba Sikeli, can ɗakin baya inda fanka ke juyi kamar an roƙe ta. Shi mai zanen gine-gine ne tun zamanin fensir da allo. Sunan kuwa ya samo shi ne daga tambayarsa guda, duk takardar da ka miƙa masa sai ya ce, "Sikelin nawa ne?", wato sau nawa aka rage girman ginin a zanen. Abokan aikinsa na da sun watse, matarsa ta rasu, 'yarsa tilo tana aure a nesa. Ɗaki ɗaya yake haya. Idan an tashi aiki yakan tsaya goge madannan kwamfuta, kuma na san ba ƙura ce ta dame shi ba, komawa gidan ne ba ya so.

Aikinsa a manhajar zane ta AutoCAD ba ya canzawa. Masu tsara gini su zana gida da ainihin girmansa a filin zane na manhajar, shi kuma ya ɗora shi a takarda. Sai ya buɗe leyawut, wato shafin tsara takarda, ya zaɓi girman takardar, ya ja iyaka, ya kafa akwatin bayani a gefen dama: sunan aiki, mai shi, kwanan wata, sikeli, lambar shafi. Sannan ya buɗe abin da yake kira taga, wadda ta cikinta ake hango zanen. Ya sa mata sikeli, ya daidaita gidan, ya kulle ta. "In ba ki kulle ba," in ji shi, "kika shiga ciki kika murza linzamin kwamfuta, sikeli ya tafi, akwati kuma yana nan yana shara ƙarya."

Wata safiya 'yarsa, wadda ita ma tsara gini ta karanta, ta turo masa zanen gidan da za su gina ita da mijinta. Ta ce ya ɗora mata a takardar A3, ɗaya bisa ɗari, za ta kai neman izinin gini. Ranar har shayi ya saya min, mutumin da ko goro sai ya raba huɗu.

Ya duba filin zanen. Ya kira ni da hannu. Can ƙarshen filin gidan, bayan lambu, akwai ɗaki da banɗaki da 'yar baranda. A tsakiya an rubuta: Ɗakin Baba.

"Kin gani?" ya ce. "Ba ta faɗa min ba. Haka uwarta take."

Matsalar ita ce filin dogo ne. A ɗaya bisa ɗari, tagar gidan kawai take ɗauka, ɗakin ya faɗa waje. Na ce ya mayar ɗaya bisa ɗari biyu mana, komai ya shiga. Ya harare ni kamar na zagi wani nasa. Ɗaya bisa ɗari aka ce. Sai ya rage tsawon tagar farko, ya matsar da ita, ya buɗe ta biyu a sararin da ya rage, ya sa mata sikeli iri ɗaya, ya jawo ɗakin tsakiyarta, ya kulle. Ya daɗe yana kallonta, har yana gaya min inda gado zai zauna.

Daga nan ya kira ta, ya sa a lasifika don in ji.

"Uwata, na ƙara taga don ɗakin baya. Ya zauna daidai."

"Wane ɗaki, Baba?" ta ce. "Af! Wannan tsohon tsari ne. Mun fasa, wurin tankin ruwa za a yi. Mantawa na yi ban goge ba. Don Allah ka goge min gaba ɗaya, kada ya rikita magina."

"To, Allah ya yi albarka."

"Amin, Baba. Kana cin abinci dai ko?"

"Ina ci."

Wallahi raina ya ɓaci, na so in karɓe wayar. Ba mugunta ta yi ba, na sani, ko tunawa ba ta yi da abin da ta rubuta a ciki ba, kuma wannan ne ya fi ci min rai.

Ya danna gefen taga ta biyu, ya goge. Na ce masa ai shi ke nan, goge taga ba ya taɓa zane, ya bar ɗakin a ciki, wa zai gani? Ya girgiza kai.

"Gaba ɗaya ta ce."

Ya koma filin zane, ya ja linzami ya kewaye ɗakin da banɗakin da barandar. Yatsansa ya tsaya a kan madannin gogewa, ni kuma na juya na shiga gyara takardar da ba ta karkace ba. Da na waiwayo, bayan lambun babu komai.