Takardar Tsahara zuwa ga Hajjo

Tsahara mutuniyar wani ƙauye ce a bayan Maraɗi. Aure ne ya kawo ta Jibiya, mijin ya rasu, ta zauna tana sayar da dambu a bakin boda, inda direbobi ke jiran kwastan. Shekara goma sha bakwai tana nan a rumfa ɗaya.

A shekarar da yunwa ta faɗa wa Nijar, ƙanwarta Hajjo ta aiko ta zo ta ɗauki 'yarta Rabi ta riƙe. Tsahara ta ce sai an yi girbi. Ba a kai girbin ba Rabi ta rasu.

Kunya ta hana Tsahara zuwa gaisuwa har aka yi arba'in. Sai ta je wurin Malam Sadisu, mai rubuta wa 'yan dako wasiƙa. Ya buɗe littafin da yake kwafo ta'aziyya, ya rubuta, ya karanta mata: "Zuwa ga 'yar'uwata abar ƙaunata. Cikin matuƙar alhini da juyayi nake miƙo saƙon ta'aziyyata bisa wannan babban rashi."

"Malam, wa ya yi wannan magana?"

"Ke mana."

"Ban taɓa ce mata abar ƙauna ba. Tana ji za ta san sayowa na yi."

Malam Sadisu ya so ya ji haushi, don ba a taɓa kushe masa wannan ba. Amma ya ajiye biro. "To, yaya kike kiranta?"

"Auta."

"Ga Auta nan zaune inda nake. Faɗa mata."

Ta daɗe tana murza bakin mayafi. Da ta fara, bai tsayar da ita ba, yana rubutawa yadda ta faɗa, da harshen garinsu. Ya karanta mata, ta cire "don haka" da ya saƙala mata. Ya ce ko addu'a ɗaya a bari, ta yarda. Abin da ya rage kaɗan ne: "Auta, ni ce. Kin ce in taho in ɗauki ɗiyar, ban taho ba. Ina da hatsi lokacin. Ba ni da abin da zan hwaɗi. Allah shi jiƙan Rabi. In kin ce in taho, ni taho."

Wani direba, Adamu, ya kai wa Hajjo takardar. Bayan kwana tara ya tsaya a rumfarta, bai ko zauna ba.

"Malamin lakwal, makarantar bokon garin, ya karanta mata. Ta ce a sake, ya sake. Ta rufe fuska ta ce, 'Wannan bakin Yaya ne.'"

"Sai me?"

"Ta ce ta ji. Ta ce kada ki zo tukuna."

Tsahara ta zuba masa dambu, bai ci ba. Damina uku ta ƙara yi a rumfar kafin ciwon ƙafa ya zaunar da ita gida, Hajjo ba ta sake aikowa ba.