Malama Usur da Tambaya ta Huɗu

Ba wanda ke kiranta da sunanta na yanka. Tun shekarar da ta fara koyar da darasin motsa jiki a makarantar 'yan mata da ke bayan tashar jirgin ƙasa, kullum da usur rataye a wuya, yara suka laƙaba mata Malama Usur. Mijinta ma, in yana jin tsokana, haka yake kiranta. Gajeriya ce mai faɗin kafaɗa, tana ɗan ɗingisa ƙafar hagu. Da ƙuruciya ta yi tseren mita ɗari takwas, ta kuma yi suna daidai gwargwado, har wani mai horarwa marar kan gado ya sa ta gudu safe da yamma, kwana ashirin ba hutu, jijiyar bayan dunduniyarta ta tsinke. Daga nan ta bar tsere ta koma aji.

Shekara ashirin da uku tana koyar da ƙa'idojin horo, ba ta taɓa yarda yarinya ta haddace abin da ba ta ji a jikinta ba. In za ta koyar da ƙarin nauyi, fili take fitar da su. Makon farko zagaye huɗu, bayan mako biyu zagaye biyar, da ranar hutu a tsakani. Takan ce: "Jiki malalaci ne. In ba ki ɗora masa abin da ya ɗan fi wanda ya saba ba, nan zai zauna. Amma da kaɗan kaɗan ake ɗorawa." In ta zo kan ƙa'idar dacewa, wato horo ya dace da wasan da mutum ke yi, sai ta tambaye su ko sun taɓa ganin wanda ya koyi ninƙaya a kan keke. Ƙa'idar komawa baya kuwa labarin ƙafarta take ba su: mako takwas cikin filasta, da aka kwance sai ga ƙwauri kamar sillen kara, ita da ke zagaye fili sau biyu a guje ta koma tana haki a kan matakala.

Duk shekara, bayan jarrabawar gama sakandare, ana kiran malamai su duba takardu. A wani dogon zaure na kwaleji ake yi, mai tebura duk zanen biro da fanka ɗaya da ke kuka kamar an taka jelar kyanwa. Takardun yara na ɗaure da igiya, dami-dami a jikin bango. Ranar farko ba a taɓa su. Shugaban masu dubawa ne ke tsayawa ya karanta tambayoyi da amsoshin da aka amince da su, kowa ya bi da idonsa, don makin ya zo daidai.

Shugaban wannan shekarar sabo ne. A gabansa Yallaɓai ake ce masa, a bayansa Tumbi. Ya wallafa wata ƙasida ta tambayoyi da amsoshi mai ruwan ɗorawar bango, wadda ake sayarwa a ƙofar kowace makaranta. Malama Usur ta sha ƙwace ta a hannun ɗalibai, amma ba ta taɓa ɓata lokacinta ta karanta ba.

Tambaya ta biyu ta wuce lafiya: mai tseren mita ɗari, gajeren gudu mai tsanani yake bukata da atisayen tashi daga layi, ba doguwar sassarfa ba. Ta uku ma haka: ɗan ƙwallon da ya kwanta jinya wata biyu, juriyarsa za ta fara zubewa cikin 'yan makonni, ƙarfin tsoka ya biyo baya a hankali. Sai Yallaɓai ya gyara tabarau ya shiga ta huɗu.

"Mene ne ƙarin nauyi a horo? Maki huɗu. Kawo hanyoyi uku na aiwatar da shi. Maki shida. Amsa: ƙarin nauyi shi ne horon da ya wuce kima har ya gajiyar da jiki ya jawo rauni. Hanyoyi: ƙara yawan ranakun horo, ƙara tsananinsa, ƙara tsawon lokacinsa. Mu je ta biyar."

Malama Usur ba ta bari ya shiga ta biyar ɗin ba. Ta ɗaga hannu.

"Yallaɓai, a yi haƙuri. Wannan da aka karanta ai wuce gona da iri ne, ba ƙarin nauyi ba. Ƙarin nauyi shi ne a sa jiki aikin da ya ɗan fi wanda ya saba, don ya saje da shi ya ƙara ƙarfi. Abu ne da ake so. Wancan kuwa gudunsa ake yi."

"Malama, abin da ke rubuce ke nan."

"To in rauni yake jawowa, me ya sa kashi na biyu ke tambayar yadda ake aiwatar da shi? Koya wa yara za mu yi yadda za su karya mutane?"

Wasu suka yi ƙasa da kai suna murmushi. Yallaɓai bai yi ba. Ya ce takarda ta bi ta hannun kwamiti, an sa mata hannu, an buga hatimi, kuma shi bai zo nan a koya masa aiki ba. Malamin da ke kusa da ita, wanda ake kira Dogo, ƙaninta ne a makarantar horon malamai, ya zunguri tebur da gwiwa.

"Yaya, don Allah ki bari," ya ce ƙasa-ƙasa. "Kowa a nan ya san gaskiyarki. Amma ba a jayayya da mai riƙe da sunayen waɗanda za a kira baɗi."

"Kowa ya sani, shi ne kowa ya yi gum kamar an shuka dusa?"

Dogo ya ɗage kafaɗa ya ci gaba da gwada jan bironsa a tafin hannu.

Washegari aka kwance dammunan. Damin farko da ya faɗo hannunta na wata makaranta ne, takarda arba'in da ɗaya. Talatin da takwas a cikinsu amsa ɗaya suka rubuta a tambaya ta huɗu, kalma da kalma, irin ta Yallaɓai. Abin da ya fi tayar mata da zuciya, duk sun rubuta "ya wuce kifa" a maimakon "ya wuce kima". Ta ari ƙasidar mai ruwan ɗorawa a wajen wata malama, ta buɗe, ga kifa nan zaune a shafi na sha tara. Kuskuren mai buga rubutu ne, yara talatin da takwas suka haɗiye shi ba tauna.

Can wajen ƙarshen damin ta iske wata takarda mai rubutu kamar tafiyar kaza. Mai ita ya rubuta cewa in mutum ya saba ɗaga kilo ashirin sau goma har ya daina jin wuya, sai ya koma ashirin da biyu, domin tsoka ba ta ƙaruwa sai ta gamu da abin da ya ɗan fi ta, kuma a bar ta ta huta. Malama Usur ta ba shi huɗu cif. Masu kifa ta zana musu sifili.

Kafin la'asar mai bin sawun aiki ya kai damin gaban Yallaɓai. Aka dawo mata da shi, an bi makinta da koren biro: masu kifa huɗu-huɗu, mai kilo ashirin sifili. A gefe an rubuta, "Bai dace da amsar da aka bayar ba."

Ba ta yi hayaniya ba. Ta yagi falle biyu a littafinta, ta rubuta wa hukumar jarrabawa takarda. Ta bayyana ƙarin nauyi a jimla uku, ta bayyana wuce gona da iri a jimla biyu, ta nuna inda suka rabu. Ta zagaya zauren neman masu sa hannu. Cikin malamai ashirin da shida, biyu suka sa. Dogo ya ce bari ya je ya wanke hannu, bai dawo ba sai da ta koma kujerarta. Ta hau bene da ɗingishinta, inda wakilin hukumar yake, ta miƙa takardar da kanta.

Da ta koma gida mijinta, wanda gyaran agogo ne sana'arsa, ya saurare ta har ƙarshe, gilashin aiki maƙale a idonsa. Ya ce, "To ke yaranki fa? Wace amsa suka rubuta?"

Sai a nan ta tuna da su. Yaranta sittin da biyu, duk amsar gaskiya ta koya musu, kuma takardunsu na hannun wasu malaman masu bin takardar Yallaɓai sau da ƙafa.

A rana ta huɗu Yallaɓai ya shigo da wata 'yar takarda, fuska a murtuke. Ya ce umarni ya zo daga sama: daga yanzu a karɓi kowace daga cikin amsoshin biyu.

"Biyu?" in ji Malama Usur. "Ɗaya ta ce magani ne, ɗaya ta ce guba ce, duka daidai?"

"Malama, kin samu abin da kike so. Ki zauna."

"Waɗanda aka duba kwana biyun nan fa?"

"Wanda aka ɗaure an ɗaure. Mota ta kwashe su tun jiya."

Zaure ya ɗauki ajiyar zuciya, har da masu tafi. Wata malama ta ce mata, "Kin yi ƙoƙari, wallahi," da murya irin ta mai gaisuwar rashin lafiya. Haka ta ƙarasa sauran kwanakin tana ba gaskiya huɗu, tana ba kifa huɗu.

Da sakamako ya fito, wasu daga cikin yaranta na gaba-gaba sun sauka da mataki guda. Ko tambaya ta huɗu ce ta ja musu, ko wani abu daban, ba ta da hanyar sani, don ba a nuna wa kowa takardarsa. Shugabar makaranta ta kira ta ofis, ta ce cikin lalama, "'Yar'uwa, ba laifinki nake gani ba. Amma iyaye sakamako suke kallo. Ki riƙa haɗawa da ƙasidar nan mana." Malama Usur ta ce ta ji. Ba ta haɗa ba. Shekarar da ta biyo baya, ba a kira ta duba takardu ba. An kira Dogo, har an ba shi koren biro na mai bin sawun aiki.

Wata rana da tsakar rana, tana fita ƙofar makaranta, mai sayar da littattafai a kan tebur ya tare ta da fara'a.

"Malama, sabon bugu ya fito, an gyara an ƙara! Ki duba ko kya sa yaranki su saya."

Ta karɓa don kada ta gwale shi. Ta buɗe wajen ƙarin nauyi. Jimlolinta uku ne, waɗanda ta rubuta wa hukuma, ko waƙafi ba a canza ba. A ƙarƙashinsu an ƙara, "Wasu masana kuma na ganin shi ne horon da ya wuce kima." A bangon baya ga hoton Yallaɓai sanye da rigar wasanni sabuwa fil, ko karin ninkinta bai baje ba.

"Yaya, Malama? Ya yi?"

Ta mayar masa da ita da yatsu biyu, ta goge hannu a gefen siket.

"Wannan shafin dai rabinsa ya yi," ta ce. "In yarana sun zo saye, ka ce musu na ce su fara zuwa wajena da almakashi."

Mai littattafan ya yi dariya, a zatonsa wasa take. Ita kuwa ta tsallaka titi ta tsaya jiran mota.