Layi na Ɗari Biyu da Bakwai

A ofishin fassarar nan da ke saman kantin kayan wuta, Baba Ƙamus ake ce masa, har masu kawo wasiƙa. Shekararsa talatin yana duba aikin mafassara, kuma abu ɗaya ne ba ya ɗaga ƙafa a kansa: ba a raba dogon aiki sai an gama jerin kalmomi. Ya taɓa ganin rahoton da mutum huɗu suka fassara, bututu ɗaya ya fito da suna huɗu, injiniyan da ya karanta ya tashi neman bututu huɗu. Tun ran nan ya rantse.

Da can a dogon tebur ake yin jerin, da shayi da musu har murya ta dushe. Autarsa ma a gefen teburin nan ta koyi sana'ar, kuma duk ofishin ba wanda ya kai ta taurin kai. Yanzu kowa daga gidansa yake aiki, ban da Baba da ke zuwa ofis. Auta ta yi aure a gari mai nisa, ga 'ya'ya uku. Idan ta kira shi, gaisuwa ce ta minti biyu: ya jiki, ya ƙafar, sai yaro ya ƙwala ihu a katse. Wallahi yana kewarta, amma bakinsa bai iya faɗin irin wannan ba.

Sai aka kawo rahoton binciken wata madatsar ruwa, shafi ɗari huɗu, mafassara biyar, har da Auta. Baba ya tsamo kalmomin da ke ta maimaituwa, ya zuba su a jadawalin da kowa ke buɗewa daga kwamfutarsa. Kowane layi da kalmar asali, da ma'anarta a wurin injiniyoyi, da shafin da ta fito, da fassarar da aka ba da shawara, da gurbin sharhi.

A gurbin sharhin nan ya sake samun 'yarsa.

A layi na ɗari biyu da bakwai ya haɗa kalmomi biyu na asali ya ba su fassara ɗaya, yoyo. Auta ta diro masa. "Haba Baba! Ruwan da ke tsattsafowa ta jikin madatsa daban, kullum akwai shi, aunawa kawai ake yi. Wanda ke bi ta tsagar kankare shi ne yoyo. In muka haɗa su, mai karatu zai zaci madatsar ta kusa ɓallewa."

Karatu ɗaya ya yi ya san ta fi shi gaskiya. Amma rabonsa da samun layi huɗu daga hannunta ya fi shekara. Sai ya gyara tabarau ya rubuta, "Ina hujjarki?"

Ta kawo shafi. Ya ce shafi ɗaya ba hujja ba ne. Ta kawo bakwai, ta ƙara da cewa tsufa ya fara taɓa shi. Ya yi dariya shi kaɗai har mai shara ya leƙo. Kowace safiya yakan buɗe jadawalin ya zauna yana kallon 'yar alamar nan shuɗiya mai nuna Auta tana ciki, tana yawo daga layi zuwa layi. Sauran kalmomi duk an amince da su, har injiniyan kamfanin da ya kawo aikin ya duba ya sa hannu, ya kuma goyi bayan Auta. Baba ya ce yana nazari.

Ran nan shugabar ofis ta tsaya a kansa. "Baba, kwana biyar a kan layi ɗaya? Mutum biyar sun naɗe hannu suna jiranka."

"Aikin kalma ba a yi masa gaggawa, Hajiya."

Da ta fita ya ga sabon sharhi. Wannan karon babu tsokana. "Baba, babina duk a kan ruwan nan yake, ba zan iya farawa ba. Kwanakin da aka ba ni suna ta tafiya, ƙaramin kuma ba shi da lafiya. Don Allah ka yanke."

Bai ma san jikan nasa na kwance ba. Ya raba layin biyu, tsattsafowa a sama, yoyo a ƙasa, kowanne da ma'anarsa. Ya sa alamar amincewa, ya kulle jadawalin kamar yadda ya saba don kada wani ya sauya kalma a tsakiyar aiki, ya tura wa kowa babinsa.

Alamar shuɗiyar ta ɗan tsaya a kan layin, sannan ta ɓace.

Ya jawo kujera, ya kai hannu gurbin sharhi zai rubuta, "Ya mai jikin? Yaushe za ku zo?" Ya danna, ya sake dannawa. Jadawalin bai karɓi ko harafi ɗaya ba, don shi da hannunsa ya kulle shi.