Ginin da na rushe sau huɗu

Ni mutum ne mai gaggawa, kuma shekarar da nake koyon gina manhajar intanet a wata cibiya a Garwa, halin nan ya kusa kai ni ƙasa. Baba ya ba ni shekara ɗaya tak. In na faɗi sutanans, wato kare aikin ƙarshe gaban malamai, sai in koma shagonsa na atamfa.

Aikin ba wani babba ba ne, shafin rajistar ɗalibai ne. Amma sai na gano firamwok, ginin da wasu suka riga suka yi wa harsashi, kai sai ka ɗora naka. Ashe sun fi a ƙirga. Duk bidiyon da na kalla, sai a ce na jiya ya mutu. In kwashe yini a sibar, wato shagon intanet, ina sauke sabo, wuta ta ɗauke, in sake daga farko. Sau huɗu ina rushe aikina. Saura mako uku, ko suna ɗaya shafin bai iya ajiyewa.

Na tura wa tsohon malamina, wanda aka mayar garin Maiganga, saƙo mai tsawo, ina tambayar wane firamwok ya fi. Bai amsa a waya ba. Takarda ya aiko ta motar fasinja, wai don kada in share.

"Ɗana," ya rubuta, "mai neman duka ya rasa duka. Duk aikinsu ɗaya ne: su karɓi buƙata daga burauza, manhajar buɗe shafi, su duba ma'ajiyar bayanai, su mayar da shafi. Kada ka nemi wanda ya fi kyau. Ɗauki wanda na kusa da kai ya iya, domin ran da ka maƙale, shi za ka taɓa a kafaɗa."

Raina ya ɓaci sosai. Ta kusa da ni wata ɗaliba ce daga duwatsun Mokolo, wadda na sha yi wa dariya saboda ta tsaya kan tsohon firamwok na PHP. Kwana biyu ina zagaye teburinta kamar kaza mai neman wurin ƙwai.

"'Yar'uwa, don Allah ki nuna mini naki."

"Wanda ka ce na kakanni ne?" in ji ta. "Bon. Jawo kujera."

Ba ta rubuta mini ko layi ɗaya ba. Ta dai tilasta mini in sa shafin ya duba abin da aka cika kafin ya ajiye, abin da nake gani ɓata lokaci ne.

Ranar sutanans na haddace dalilai goma na zaɓina. Ba wanda ya tambaya. Wani malami ya bar gurbin suna fayau, ya danna ajiye. Na ƙura wa shafin ido. Sai jan rubutu ya fito, yana cewa a cika suna. Ya gyaɗa kai, na tsallake da kyar.

Ita ce ta zo ta ɗaya. Da na je godiya, ta ce in bar shi, ai wata takwas tana jira in yi mata magana ba da dariya ba.