Goma na Me?

Marigayiya Nafisatu 'yar Damagaram, ma'aikaciyar jinya a wani asibiti da ke unguwar Manshiya, ba ta yarda da lamba tsirara ba. A lokacin Salha, 'yar maƙwabtanta, ta faɗi jarrabawar lissafin magani, saura mata dama ɗaya kafin a kore ta daga makarantar jinya.

Nafisatu ta zaunar da ita, ta buɗe mata darasi. “An rubuta wa majinyaci rabin giram. Kwalba kuma miligiram 250 a mililita biyar. Nawa za ki ba shi?”

Salha ta raba rabi da 250.

“Ke, wannan ko sauro ba zai warke ba! Ki fara mai da giram miligiram.”

“Ɗari biyar. Ninki biyu ke nan. Goma, Inna.”

“Goma na me? Raƙuma?”

“Mililita!”

Haka ta gasa ta, kowane mataki sai ta faɗi ma'auni, har ta ci jarrabawa.

A ciwon ajalin Nafisatu, Salha ce ke ba ta magani. Wata rana Salha na auna maganin ta ce, “Biyu.”

Nafisatu ta buɗe ido ɗaya.

“Mililita, Inna,” in ji Salha, tana dariya tana hawaye.

Allah ya jiƙan ƙawata.