Jan Biro da Zoben Mantuwa

A bakin mai shagon buga littattafai wata budurwa ta fara jin sunansa, ranar da ta kai tsofaffin hotunan kakarta: Jan Biro. Siririn dattijo ne, yana shafa takardun wata marubuciya kamar mai lallashin jariri. Wataƙila tsohon malami ne.

"Ƙanwata," yake ce wa marubuciyar a hankali, "a babi na biyu, duk wanda ya murza zoben nan ya ɓace, sai ya manta masoyinsa ɗaya. A na tara, jarumarki ta murza sau uku, ba ta manta kowa ba. Ko ta manta uwarta, ko ki soke dokar."

"Yau fa za a buga, Malam!"

Sai ya miƙo wa mai hotunan shafin. "'Yata, karanta mana. In gabanki ya faɗi duk da kuskuren, a buga."