Shekara Arba'in da Ɗaya ta Taisiya Lvovna

Taisiya Lvovna ta tsufa tana gyaran kurakurai a jaridar wani ƙaramin gari na bakin kogin Volga, kuma ba a taɓa jin wanda ya gode mata ba. Ko mai kabeji a kasuwa, in ya hango ta, kife allon farashinsa yake yi, don ta sha tsare shi kan cewa a nahawun harshensu kilo biyu "kilogramma" ne, kilo biyar "kilogrammov".

Da ta cika shekara arba'in a aiki, edita Gleb Rodionovich ya sa aka buga mata takardar yabo, ya jefa a durowa ya manta. Sai da shekara ta zagayo, yana neman hanyar sallamarta, ya tuna. Gwanin dabara, ya kankare sifili ya sa ɗaya.

Aka yanka kek, aka zuba shayi, ya miƙa mata yana washe baki. Ta ɗora tabarau, ta zaro jan biro.

"Gleb Rodionovich, sannu da ƙoƙari. Wajen rubuta kalmar 'shekara', arba'in ce ke tafiya da 'let'. Arba'in da ɗaya 'god' take ɗauka, da biyu zuwa da huɗu 'goda'. Wannan takardar bara ce."

"Haba, Taisiya Lvovna, kalma ɗaya tak?"

"Kada ka wahalar da kanka. A arba'in da biyar 'let' za ta dawo daidai. Sai in zauna in jira ta."

Kafin shayi ya huce an bugo sabuwa. Kuskure na farko ke nan da ya taɓa gyarawa da hannunsa.